Ba na shan kofi, me ya sa aka ce in rage kafeyin?

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a nan Gombe, ina ɗauke da ciki na uku, wata shida ke nan. A wurin awo na yi kukan rashin barci da faɗuwar gaba, sai nas ta ce in rage kafeyin, alhali ni ba na shan kofi sam. Da safe shayi nake sha, lifton biyu a babban kofi, da daddare kuma guda ɗaya. Da rana in zafi ya yi ina shan kok na roba. Goro kuma ɓari bayan azahar, ɓari bayan la'asar, saboda yawan yawu da ɗacin baki. Surukata ce ta koya min, ta ce ita da shi ta yi dukkan cikinta. In kai ya sara min, nakan sha fanadol mai jan kwali guda biyu. Shin na cutar da abin da ke cikina? In na haihu, zan iya komawa yadda na saba?

'Yar'uwarku daga Jekadafari

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raba lafiya.

Nas ɗin nan ta yi gaskiya, sai dai layin awo bai bar ta ta zauna ta yi miki lissafi ba. Kafeyin sinadari ne da ke cikin 'ya'yan kofi, da ganyen shayi, da goro, da koko ɗin da ake cakulan da shi, kuma kamfanoni na zuba shi a wasu lemuka da wasu magungunan ciwon kai. Jiki bai damu da ta inda ya shigo ba. Duk wanda ya shiga daga safe zuwa dare, a jini ɗaya yake haɗuwa, shi ya sa a dunƙule ake ƙirga shi.

Iyakar da aka fi amfani da ita ga mai ciki ita ce miligiram 200 a yini. Hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta sauko da ita daga 300 zuwa 200 a shekarar 2008, ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta tsaya a kan ƙasa da 200 a 2010, hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ma ta faɗi haka a 2015. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin awon ciki na 2016, cewa ta yi mai cikin da ke wuce 300 a yini ta rage, don kauce wa ɓari da haihuwar jariri mai ƙarancin nauyi. Ni 200 nake ba mata su riƙe, saboda abubuwan da muke sha a nan ba a aune suke ba, kuma wadda ta yi niyyar 200 takan tsinci kanta a 250 ba ta sani ba.

To bari mu ƙirga naki. Lifton guda ɗaya, in an jiƙa shi minti uku zuwa biyar, yana ba da kimanin miligiram 40 zuwa 55. Mu ce 50. Biyun safe sun ba ki 100, na dare 50, kin kai 150 a shayi kaɗai. Kok yana da kusan miligiram 10 a kowane mililita 100, saboda haka robar nan ta rabin lita 50 ce. Kin cika 200 ke nan, ba mu taɓa goro ba.

Goro shi ne wanda matanmu ba sa sa wa a lissafi, kuma shi ne babba a naki. Busasshen goro yana da kafeyin kusan kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa, wani ya fi haka, wanda ya ninka abin da ke cikin 'ya'yan wasu nau'o'in kofi ko ya yi kusa. Ɗanyen goron da muke ci kusan rabinsa ruwa ne. Idan matsakaicin goro ya kai giram 15, in an cire ruwan saura giram 7 zuwa 8, kashi biyu cikin ɗari na wannan ya kama kusan miligiram 150. Ƙarami zai tsaya wajen 100, ƙaton nan da ake zaɓa don baƙi zai iya haura 200 shi kaɗai. Ɓarinki biyu goro guda ne, don haka mu ƙara 150. Jimla 350. Wasu matan kan ce min ai ba sa haɗiye tuƙar, tofarwa suke yi. Wannan ba ya rage wani abin kirki, domin kafeyin mai saurin narkewa ne, yana bin yawu tun ana taunawa, abin da ake tofarwa yawancinsa ɓawo ne da ya riga ya ba da abin da ke cikinsa.

Sai maganin. Fanadol mai jan kwali, wanda aka rubuta wa Extra, kowace ƙwaya tana da farasitamol miligiram 500 da kafeyin miligiram 65. Biyu 130 ke nan. A ranar da kika sha shi sau ɗaya, kin kai 480. In kin maimaita da daddare, kin wuce 600, wato ninki uku na iyakar, kuma ba ki kurɓi kofi ko cokali ɗaya ba.

Kada lissafin nan ya hana ki barcin da dama ba kya samu. Abin da bincike ya nuna shi ne, yawan kafeyin yana da alaƙa da ƙarin haɗarin ɓari, musamman a farkon ciki, da kuma raguwar nauyin jariri, kuma haɗarin na ƙaruwa ne gwargwadon yawan abin da ake sha. Ba a same shi cikin abubuwan da ke nakasa halittar jariri ba. Ko a zancen ɓarin ma masana na taka-tsantsan, domin cikin da ya zauna da kyau ya fi zuwa da laulayi mai sa mace ta tsani shayi da kofi, sai ya zama da wuya a rarrabe ko ƙarancin shan ne ya kare cikin, ko lafiyar cikin ce ta hana shan. Ke kin wuce watannin farko lafiya. Abin da ya rage a gabanki shi ne girman jariri, kuma a watanni ukun ƙarshe ne yake tara mafi yawan nauyinsa, don haka ragewar da za ki yi yanzu tana da amfani sosai. A awo na gaba ki gaya musu adadin da muka ƙirga. Za su auna tsayin ciki da tef kamar kullum. Daga mako na 24, santimita ɗin da ake samu yakan yi kusa da adadin makonnin cikin, da bambancin biyu sama ko ƙasa. In an ga ya gaza, sai a tura ki hoto a duba girmansa.

Dalilin da ya sa shayin da kika shekara goma kina sha lafiya yanzu yake hana ki barci yana hanta. Ita ke narkar da kafeyin, kuma a mace marar ciki rabin abin da ta sha yakan fita cikin awa huɗu zuwa biyar. Ciki yana rage wa hanta wannan saurin, kaɗan a farko, sosai daga tsakiya. A watannin ƙarshe, rabin kan ɗauki awa goma zuwa goma sha biyar, wani lokaci fiye. Ki ɗauki shayinki na ƙarfe bakwai na safe, miligiram 100. Da can, kafin azahar saura 50, zuwa magariba abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Yanzu kuwa, sai wajen isha'i rabin zai fita, kuma in gari ya waye kina haɗa sabon shayi akwai kusan rubu'in na jiya a jininki. A kansa goron azahar ya hau, da kok, da goron la'asar, da shayin dare. Kamar randa ce da ake zuba wa ruwa sau biyar a yini amma moɗa ɗaya ake ɗiba. Faɗuwar gaba, rashin barci, yawan fitsarin da ya wuce na ciki, da ƙwannafi, duk suna iya fitowa daga nan.

Shi kuma na ciki, mabiyiya ba ta tare masa kafeyin. Yana tsallakawa kai tsaye, abin da ke jininsa yakan yi kusan daidai da abin da ke jininki, kuma hantarsa ba ta fara aikin narkar da shi ba tukuna. Sai ya jira jikinki ya fitar masa.

Yanzu yadda za ki rage. Kada ki yanke a rana ɗaya. Wanda ya saba da 350 ya tsaya cak, cikin awa 12 zuwa 24 kai zai fara sarawa, ya tsananta a kwana na biyu, da kasala da saurin fushi, kuma yana iya kai mako guda. Ina ma zargin wani ɓangare na ciwon kan da ke sa ki shan jan fanadol daga nan yake: ranar da goro ya yi jinkiri ko ba ki sha kok ba, kai ya sara, ki sha magani mai kafeyin, ya lafa, ki ɗauka maganin ne mai kyau, alhali abin da jiki ke nema ne kika mayar masa.

Fara da maganin, shi kam yau. Ki koma farasitamol zalla, in buƙata ta kama, bisa ƙa'idar da aka ba ki a asibiti. Ki kuma guji garin alabukun da ake sayarwa a shaguna da tasha: ban da kafeyin miligiram 60 a ƙunshi, yana da asfirin mai yawa, wanda bai dace da mai ciki ba, balle a watannin ƙarshe, domin yana iya jawo zubar jini ya kuma taɓa jijiyoyin zuciyar jariri. Wannan daban yake da ɗan ƙaramin asfirin da likita kan rubuta wa wasu masu ciki don kariya daga hawan jini. Akwai kuma maganin ciwon ɓarin kai mai suna kafagot, wanda haramun ne ga mai ciki da mai shayarwa baki ɗaya. Duk maganin mura ko ciwon jiki da za ki saya a kemis, ki juya kwalin ki nemi kalmar Caffeine cikin jerin abin da ke ciki, ko ki ce mai kemis ya duba miki.

A kwana uku na farko, ki sauke shayin dare. Shi ne ya fi cutar da barcinki, kuma shi ya fi sauƙin maye gurbi: ki tafasa ɗanyar citta da na'a-na'a, ki zuba madara in kina so, ba tare da ganyen shayi ba. Ki lura da haɗin kayan shayin da ake sayarwa a ƙulle a kasuwa, mai kanumfari da kirfa da citta, domin da yawa akwai ganyen shayi a ciki. A kwana uku na biye, shayin safe ya koma lifton ɗaya, ki cire shi bayan minti biyu ko uku maimakon barinsa yana iyo har ki shanye. Ƙara ruwa ko madara ba ya rage kafeyin, launi kawai yake canzawa. Abin da ke ragewa shi ne yawan ganye da daɗewarsa a ruwan zafi. Daga nan sai goro. Ɓarin la'asar ya fara tafiya, na azahar kuma ki raba shi biyu, ya zama rubu'in goro a yini, kusan miligiram 40. Kok ya zama na wani lokaci, kuma ƙaramar kwalba, wadda ba ta wuce 35 ba.

In kin kai nan, yininki ya zama shayi 50, goro 40, ranar kok ƙarin 35. Jimla 90 zuwa 125. Kin ga har da sarari: ranar da kika je biki aka miƙo ɓarin goro, ko aka yi baƙi aka sake dafa shayi, ba za ki ƙetare iyaka ba. Kuma duk abin da za ki sha mai kafeyin, ki gama da shi kafin azahar ta wuce.

Yawan yawu da ɗacin baki su ne za su ja ki komawa goro, don haka ki tanadi abin da zai tsaya a wurinsa. Yalo ko gauta suna ba da ɗacin da baki ke nema. Wasu goruba ke yi musu, wasu 'yar tsamiya ko yankan lemun tsami a ruwan sanyi, wasu asuwaki. Ki gwada ki ga wanda ya karɓe ki. Ita kuwa Hajiya surukarki, ba sai an yi musu ba. Gaskiya ta faɗa, goro na tsayar da tashin zuciya ga mata da yawa, kuma ta haifi 'ya'yanta lafiya. Amma a zamaninta goron ne kaɗai. Ba ta haɗa shi da lifton uku da robar kok da ƙwayar kemis a yini guda ba. Ki ce mata a asibiti an ce ki rage saboda barci, ki karɓi ɓarin in ta ba ki, ki gutsura, ki ajiye sauran.

Akwai abin da ya fi kafeyin damuna a shayinki na safe, shi ne maganin ƙarin jini. Ganyen shayi na da wani sinadari mai ɗaure baƙin ƙarfen da ke cikin abinci da magani, ya hana hanji tsotsarsa. In kina haɗiye jan maganin nan na awo da shayi, kamar yadda mata da yawa ke yi don shi ne abin sha na kusa, kina zubar da wani kaso na amfaninsa. Ki raba su da aƙalla awa ɗaya, biyu ya fi. Ki sha maganin da ruwa, in da lemun zaƙi ko gwaiba a kusa ki haɗa, suna taimaka wa tsotsarsa. Ƙarancin jini shi kansa yana kawo faɗuwar gaba, jiri da gajiya, kuma gajiyar ce ke tura mace ga ƙarin shayi da goro. Ki roƙa a duba yawan jininki in ba a yi ba kwanan nan.

Wata magana kuma da ba na so ta wuce ki. Ciwon kai bayan mako na 20 ba abin da za a ɗora wa goro a zauna ba ne. In ya yi tsanani, ko farasitamol bai sauke shi ba, ko ya zo da ganin dishi-dishi ko walƙiya a ido, kumburin fuska da hannuwa, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wannan na iya zama hawan jinin ciki mai kai wa ga jijjiga. A tafi asibiti a ranar, ko dare ne, a auna jini da fitsari. Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru duk suna cikin garin nan. Haka in ya zo da zazzaɓi, a gwada maleriya. Haka in motsin jariri ya ragu. Kuma in kin rage kafeyin mako biyu amma bugun zuciya bai lafa ba, ko numfashi na yi miki wuya in kin kwanta, ki koma a duba.

Tun da za ki nemi abin sha a zafin Gombe, ga yadda sauran suke. Fefsi ɗan'uwan kok ne a wannan lissafi, haka sauran lemuka baƙaƙe masu ɗanɗanon kola, kuma wanda aka ce ba sukari a ciki ma kafeyinsa na nan. Fanta, sifirayit da lemukan malt ba su da shi, sai dai sukarinsu ya isa a yi hattara. Milo da bonbita suna da ɗan kaɗan daga koko, 'yan miligiram a kofi, ba abin ƙirgawa ba ne sai ga mai shan kofi biyar. Neskafe cokalin shayi ɗaya cike yana kai 60 ko fiye, kuma babban kofi mai kauri 100 ne. Nan ne shayin mai shayi ke yaudara: in ya ce haɗi, sau da yawa ruwan ganyen da ya daɗe a wuta ne, a ƙara neskafe, a rufe da madara da milo har ba a jin ɗacin. Koren shayi da ake tallarsa a matsayin na lafiya yana da kafeyin, ƙasa kaɗan da baƙin. Shayin Buzaye kuwa, ƙanƙantar kofinsa kada ta ruɗe ki: ganye ne mai yawa a ruwa kaɗan, an tafasa an sake tafasawa, kuma zagayen farko shi ne mafi ƙarfi.

Lemukan ƙara kuzari, waɗanda 'yan acaba da direbobi suka fi sha kuma yanzu sun shiga firjin gidaje, ki bar su gaba ɗaya har ki yaye. Yawancinsu suna da kusan miligiram 30 a mililita 100, wato ƙaramin gwangwani 80, robar rabin lita wajen 150, ga wasu sinadaran da ba a tabbatar da lafiyarsu ga mai ciki ba. Da yawansu a jikin robar an rubuta cewa ba na masu ciki da masu shayarwa ba ne.

Namu na gida, fura da nono, kunun gyaɗa, kunun zaƙi, kunun tsamiya, kunun aya, ruwan kuka, babu kafeyin a ko ɗaya. Sai dai nonon ya zama wanda aka dafa madararsa, ruwan kuma mai tsabta. Zoɓo ma ba shi da kafeyin, amma ina ba masu ciki shawarar kada su mayar da shi abin sha na kullum.

Saura zancen bayan haihuwa. Labarin ya fi daɗi, amma ba daga ranar farko ba. Hantarki za ta dawo da saurinta cikin makonnin farko, kuma abin da ke shiga nono ɗan kaɗan ne daga abin da kika sha, ba kamar ta mabiyiya ba. Shi ya sa hukumar Turai ta bar mai shayarwa a 200, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka kuma ta ce har wajen 300 yawanci ba ya damun jariri. Matsalar tana wajen sabon haihuwa. Rabin kafeyin da ya shiga jikinsa yakan ɗauki kwana uku zuwa huɗu kafin ya fita. Ɗan kaɗan ɗin da yake samu a kowane tsotso, sau takwas zuwa goma sha biyu a yini, taruwa yake yi. Sai ya kai wata uku zuwa biyar lokacin ke saukowa zuwa kusan awa 14, kuma wajen wata shida yake kamo na manya.

Saboda haka tsarin da kika kai yanzu, ki riƙe shi har wata uku bayan haihuwa, ba arba'in kawai ba. Lokacin jego ne ma ya fi haɗari: ba barci, gida cike da 'yan barka, fulas ɗin shayi ba ya hucewa, ranar suna goro a faranti ko'ina. Mai jego kan sha shayi kofi huɗu ko biyar a yini da sunan kawo ruwan nono. Ganyen shayi ba ya kawo nono. Yawan sa jariri a mama, da cin abinci da shan ruwa, su ke kawowa. In ruwan zafi da madara ake so, a ba ki da milo ko citta, ko kunun gyaɗa. Kunun kanwa ba shi da kafeyin, amma kanwa gishiri ce mai yawa, kuma likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawan shanta da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, don haka in an dage, ki sha kaɗan.

Daga wata uku zuwa shida za ki iya sassautawa sannu a hankali, shayi biyu da ɗan goro, kina kallon yaron. Amma 350 ɗin da kika saba, balle ranakun jan fanadol, ya wuce ko iyakar da ta fi sassauci, don haka ba zan ce ki koma can ba muddin kina shayarwa. Kafeyin yakan kai ƙololuwa a nono awa ɗaya zuwa biyu bayan an sha, shi ya sa ake cewa a sha shayi da zarar an gama ba da mama. Wannan dabarar ta fi aiki ga yaron da ya fara tazara tsakanin tsotso. Ga jaririn da ke nema duk bayan awa biyu, rage yawan shi ne abin yi. Kuma in kin sha fiye da ƙima wata rana, ba sai kin tatse nono kin zubar ba, ba kuma sai kin hana shi ba. Ki ci gaba da shayarwa, ki rage washegari.

Yadda za ki gane ya taɓa shi: yaro ne mai ido biyu tar, barcinsa gajere, ya firgita da ƙaramin motsi, yana ƙananan kuka da miƙe-miƙe, amma yana shan mama sosai, ba zazzaɓi, yana jiƙa nafkin yadda ya kamata. In kin ga haka, ki sauke shayi da goro zuwa kusan babu, a hankali cikin kwana uku ko huɗu don kanki, sannan ki jira. Kada ki yanke hukunci washegari. A sabon jariri sai an ba shi mako guda zuwa kwana goma kafin abin da ya taru ya fita. In ya canza, kin gano. In bai canza ba, ba shayin ba ne, kuma jarirai da yawa suna kukan yamma a makonni shida na farko ko uwa ba ta taɓa ganin lifton ba. Jaririn da ya ƙi mama, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri, ko ido da jiki sun yi rawaya, ko yana fizge-fizge, wannan ba zancen kafeyin ba ne, asibiti za a kai shi nan take. Kuma kada kowa ya ɗura masa shayi ko ruwan goro da cokali. Nono zalla har wata shida.

In Allah ya sa haihuwar ta zo kafin lokaci, lissafin ya sake. Bakwaini ya fi kowa jinkirin fitar da kafeyin, kuma a sashen jarirai likitoci da kansu sukan ba bakwaini kafeyin a matsayin magani, aunanne daidai nauyinsa, don hana ɗaukewar numfashi. A irin wannan hali, ki gaya wa likitan jarirai abin da kike sha, shayi nawa, goro nawa, ki bi adadin da ya ce, ko da ya ce ki dakata baki ɗaya har a sallame ku.